Kuɗin ajiya ya ƙaru a takarda, ya ragu a kasuwa: jawabin da na yi a zamanmu na Jibiya

 

An ba ni 'yan mintoci in yi magana kan ajiyar kuɗi, to zan fara da wani dattijo a danginmu da ya yi shekaru yana sana'a a Magama. A ƙarshen 2014 ya kai naira 500,000 asusun ajiya na banki, ya ce ba zai taɓa ba sai ranar da zai gina wa iyalinsa gida. Ya kuwa cika alkawari. Shekara goma cif bai ciri ko sisi ba. Da ya tashi gini a ƙarshen 2024, sai ya kira ni ya ce, "Yaro, zo ka duba min, ko dai an ci kuɗin nan ne?" Na duba, babu wanda ya ci masa kwabo. Kuɗin ma ƙaruwa suka yi. Amma abin da da can zai tayar da ɗakuna, yanzu ko bulo da siminti bai gama saye ba.

Bari mu yi lissafin tare, ku riƙe shi a ka.

Mu ƙaddara banki na ƙara masa kashi 4 cikin 100 duk shekara. Ban ɗauko wannan adadi da ka ba. Ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ita ce kuɗin ruwan asusun ajiya kada ya gaza kashi 30 cikin 100 na ma'aunin ruwan da shi babban bankin ya tsayar. Lokacin da ma'aunin yake 14, abin ya kama kashi 4.2 ke nan. A watan Satumban 2020 ma an rage ƙa'idar, ruwan ya faɗo ƙasa da kashi 2, sai a 2022 aka mayar da ita. To mu bar shi a 4. Shekarar farko 500,000 ta zama 520,000. Ta biyu, ƙarin ya hau kan ƙari, ta zama 540,800. Haka har shekara goma, sai ka samu wajen naira 740,000. A takarda ya ci 240,000.

Yanzu mu juya kasuwa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana fitar da yadda farashin kaya ya tashi a shekara. A Disambar 2015 bai kai kashi 10 ba. A Disambar 2016 ya haura 18. Ya ɗan lafa zuwa wajen 11 a 2018, ya sake tashi, ya kai kusan 29 a ƙarshen 2023, sannan kusan 35 a ƙarshen 2024. Kuskuren da muke yi shi ne mu tara waɗannan lambobi kamar lissafin bashi. A'a, shi ma hauhawar farashi hawa yake kan na bara, kamar dai yadda ruwan banki yake yi. In ka ninka na shekaru goman nan ɗaya kan ɗaya, za ka ga kaya sun ninka sau biyar da 'yan kai.

Ma'ana, abin da dattijon nan zai saya da 500,000 a 2014, sai ya riƙe sama da naira miliyan 2.6 kafin ya saye shi a 2024. Shi kuwa 740,000 ke hannunsa. In ka mayar da ita kuɗin 2014, ba ta wuce naira 140,000 ba. Cikin kowace naira goma da ya ajiye, bakwai sun tafi, alhali ba ɓarawo, ba gobara.

Na san akwai masu cewa, "Mu ai ba ma cin kuɗin ruwa." Gaskiya ne, da yawanmu haka muke, kuma hukuncinsa na bar wa malamai. Amma lissafin bai ƙyale ka ba. Wanda ya ajiye 500,000 ɗin a akwati ko a asusun da ba ƙari, abin da ya rage masa a ƙimar 2014 bai kai 100,000 ba.

Mu mutanen bakin iyaka muna da madubin da na cikin ƙasa ba su da shi, wato sefa. A ƙarshen 2014 jaka ɗaya ta sefa ba ta wuce naira ɗari uku da wani abu ba. A ƙarshen 2024 tana neman naira 2,500. Da dattijon ya tsallaka Ɗan Isa da kuɗinsa a ranar da ya ajiye su, zai karɓi sefa wajen miliyan ɗaya da rabi. Bayan shekara goma, da ƙarin bankin da komai, abin da za a ba shi wajen 300,000 ne. Dalili kuwa, sefa a ɗaure take da kuɗin Turai na yuro a kan farashi guda, ita kuwa naira ta sha faɗuwa, musamman a watan Yunin 2016 da kuma Yunin 2023.

Amma kada wani ya fita nan ya ce na ce a kwashe kuɗi a sayi sefa. Ita ma an taɓa karya ta: a watan Janairun 1994 dare ɗaya ta rasa rabin darajarta. Sannan kun ga yadda aka rufe iyakar nan a Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Duk abin da ka mayar da kuɗinka cikinsa yana da nasa haɗarin. Hatsi ƙwari na ci, kuma farashinsa na faɗuwa da kaka. Dabba na mutuwa, ga matsalar tsaro da muka sani. Fili kuma akwai rikicin takarda, ba ya sayuwa ranar da ka matsu.

To ta yaya mutum zai gane ajiyarsa na narkewa tun da wuri? Ga ma'auni mai sauƙi. Ka raba 72 da adadin ƙarin shekara, zai ba ka kimanin shekarun da abu zai ninka. A shekaru goman nan farashi ya riƙa tashi da wajen kashi 18 a shekara. 72 a raba da 18, huɗu. Duk shekara huɗu kaya sun ninka. Kuɗin dattijo kuwa, 72 a raba da 4, sai ya jira shekara 18 kafin su ninka sau ɗaya. Mai keke ne ke bin mota. Duk wanda ya zo maka da wani tsarin ajiya, ko na ruwa ne ko na raba riba, tambayar farko ita ce: abin da zai ba ni a shekara ya kai tashin farashi? In bai kai ba, asara ce ake maka a hankali.

Wani abu kuma da ke ruɗa mutane: in ka ji a rediyo an ce hauhawar farashi ta sauka, ba ana nufin kaya sun yi araha ba. Gudun tashin ne ya ragu. Abin da ya tafi daga ajiyarka ba ya dawowa.

Shawarata ita ce, kuɗin ko-ta-kwana, na asibiti da na 'yan watanni, a bar su a banki, nan ne wurinsu. Amma kuɗin da ka yi wa niyyar shekara biyar ko goma, ka daina ƙirga su da naira. Ka ƙirga su da abin da kake son saye. In gini ne, duk ƙarshen shekara ka tambayi kanka: bandir nawa na kwano kuɗin nan za su saya bana, nawa suka saya bara? In adadin na raguwa, ka fara sayen kwanon da ƙarfen kaɗan-kaɗan, tunda su ba sa lalacewa da wuri kamar siminti.

Dattijon namu ɗaki ɗaya ya samu ya rufe, sauran na nan tsaye ba rufi. Allah ya rufa mana asiri, ya sa albarka a abin da muka tara.