Wasiƙar Tayin Aiki Zuwa Wata Makaranta a Bagwai



A ce wata makarantar sakandare a Bagwai, mai ɗalibai 600, ta nemi mu shirya mata manhajar ajiye bayanan ɗalibai, shugabanta ya ce mu aiko da tayinmu ta imel. Mu tuna cewa ba shi kaɗai zai karanta ba. Zai buga ta a takarda ya kai gaban kwamitin makaranta, inda akwai dattijan da babu ruwansu da sunayen na'urori. Abin da suke so su ji shi ne me za a yi, yaushe za a gama, nawa ne kuma.

Bayan gaisuwa, sai mu shata iyakar aikin: rajistar shiga, kiran suna, makin gwaji da na jarrabawa, da takardar sakamako. Daga nan mu faɗi abin da ba ya ciki, watau albashin malamai da sayen kwamfuta. Kada mu manta da maganar wuta: mu rubuta cewa manhajar za ta yi aiki ko babu intanet, ana kwafe bayanan kowace Juma'a.

Inda rigima ta fi tashi kuwa shi ne wa zai shigar da tsofaffin bayanai. In ɗalibi guda zai ci minti 5, ɗalibai 600 sun ci awa 50, watau kwana 10 ga akawu mai aikin awa 5 a yini. Wannan ma in rajistar na da tsabta ke nan, alhali kuwa sau da yawa yaro ɗaya Muhammad ne a aji ɗaya, Mohammed a aji biyu, ranar haihuwarsa kuma ta saɓa da ta katinsa na ɗan ƙasa. Wasiƙar ta fayyace cewa makaranta ce za ta tantance sunaye, mu namu shigarwa. Ta kuma ambaci waɗanda aka yarda su ga bayanan, domin dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi yaran nan.

Game da lokaci, mu rubuta mako 8, amma ƙirge ya fara daga ranar da rajista ta shigo hannunmu. Koyar da malamai ya faɗo a tsakiyar zango; ranar da suke fama da tarin takardun jarrabawa ba wanda zai saurare mu.

Kuɗi kuma a raba su. In mun yanka naira 900,000, sai a ba da 360,000 kafin alƙalami, a ƙara wani 360,000 ranar gwaji, ragowar 180,000 kuwa su jira fitowar sakamakon zangon farko. Kuɗin kulawa na shekara-shekara a ba shi layinsa daban, tare da ranar da wannan farashi zai daina aiki, tun da darajar naira ba ta zama wuri ɗaya.