Ragi Kafin Haraji, Cikon Canji a Ƙarshe

Yau zancenmu a kan rasit ne, wanda a Nijar ake ce wa faktir, da harajin da manyan shaguna masu rajista ke ɗorawa a kan kuɗin kaya. A rasit ɗin Najeriya za ka ga an rubuta VAT, kashi 7.5 cikin ɗari tun shekarar 2020. A na Nijar TVA ake rubutawa, kuma yawancin kaya kashi 19 ne. Ma'ana, naira 75 a kan kowace dubu, ko sefa 190 a kan kowace jika.

To, a ce ka sayar da raguna biyu, ka shiga wani babban shago a Maraɗi za ka sari kayan da za ka kai ƙauye. Lambobin da zan faɗa na takarda ne, ba ƙidayar dala ba.

Layin farko, takalman roba ƙafa 40, kowace sefa 1,250, sun kama 50,000. Mai shago ya yi maka ragin kashi 6, wato 3,000, saura 47,000. Layi na biyu, tocila 36, kowace 875, sun kama 31,500, babu ragi. Ka haɗa layin biyu, 78,500. A kan wannan kuɗin ne haraji ke hawa, kuma kashi 19 ɗinsa shi ne 14,915. Abin da za ka biya 93,415.

In ba kalkuleta a hannu, ga dabara. Raba 78,500 gida biyar, ka samu 15,700, wato kashi 20. Cire kashi ɗaya, 785. Saura 14,915, daidai wa daida.

Yanzu ina kuɗi ke zurarewa? Wuri na farko shi ne ragi. Wani magatakarda zai ɗora haraji a kan 50,000 ɗin takalma, ya samu 9,500, sannan ya cire maka 3,000 a can ƙasan takarda. Alhali harajin 47,000 sefa 8,930 ne. Ka biya harajin kuɗin da aka riga aka yafe maka, 570 sun tafi. Yadda za ka gane, duba inda ragin ya zauna. In 3,000 ɗin nan ta zo a ƙasan layin haraji, ka ce, “Malam, a sake buga mini.”

Wuri na biyu shi ne cikon canji. Tocila ɗaya da harajinta ta kama sefa 1,041 da kwata. Tun da babu tsabar da za ta biya wannan, sai a ce a cike ta 1,050, sannan a ninka sau 36, a samu 37,800. Amma in ka ɗora harajin a kan layin gaba ɗaya, wato 31,500, abin da zai fito 37,485 ne. Ɗan cikon da bai kai dala biyu ba ya haifi sefa 315, don an maimaita shi sau 36. Shi ya sa ake cikewa sau ɗaya tak, a kan jimlar ƙarshe. Ƙa'idar kuwa mai sauƙi ce: ɓurɓushin da ya kai rabin sefa a cika shi ɗaya, wanda bai kai ba a yar. In kuma canji ne ya gagara, aka mayar da 93,415 ta koma 93,425, asararka sefa 10 ce kawai.

Ka haɗa kurakuran nan biyu, sefa 885, dala 177 ke nan a takarda guda. Mai sari duk mako ya san abin da wannan zai zama kafin damina.

Saura abu ɗaya. Kafin ka lissafa komai, tambayi ko farashin da aka faɗa maka da haraji a ciki. A faktir, HT na nufin ba a ɗora ba tukuna, TTC na nufin yana ciki, kada a sake ɗora maka. In kana son sanin asalin kuɗin kaya daga TTC, kada ka cire kashi 19, don harajin a kan ƙaramin kuɗin aka lissafa shi. Raba za ka yi da 1.19. Gwada da 93,415, za ta mayar da kai 78,500. A Najeriya kuma da 1.075 ake rabawa: naira 107,500 ta koma 100,000.

Ka yi wannan lissafin tun kana gaban kanta, kafin a ɗaure kaya a kai tasha. Allah Ya ba da kasuwa, Ya raya dabbobi. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.