Jawabin Shugaba a Buɗe Taron Shekara na Jam'iyyar Gama Kai a Kazaure

Mutanen Kazaure, barkanku da hantsi. Ku da kuka yi sammako daga Roni, da Gwiwa, da Babura, sannunku da hanya.

Kun ga tun ɗazu Malam Magatakarda yana zaune a bakin ƙofa da littafi, duk wanda ya shigo sai ya rubuta sunansa, ko ya dangwala yatsa. Na ji waɗansu suna gunaguni, wai an tsai da su kamar masu biyan haraji. To, ga dalili. Kun sani a mazhabarmu ta Malikiyya Juma'a ba ta inganta sai da mutum 12 ban da liman, kuma sai sun zauna tun daga huɗuba har sallama. Taron jam'iyya ma yana da adadin da ba ya tsayuwa sai da shi. Dokar jam'iyyarmu ta ce rubu'in waɗanda ke cikin littafi. Mu 120 ne, rubu'inmu kuwa 30. Magatakarda ya ƙidaya, ya sami 47, saboda haka taro ya tsayu.

Amma a lura, mutum 47 ɗin nan masu suna a littafi ne. Wanda ya aiko ɗansa ko ƙanensa, mun gode, yaron ya zauna ya saurara, ya kai wa mai gida labari, amma ba a ƙidaya shi, ba ya kuwa ɗaga hannu. Kuma adadin nan ba na farkon taro kaɗai ba ne. Bara mun fara da mutum 34. Da rana ta take, shida suka sulale suka tafi kasuwa, muka ragu 28, ba wanda ya lura. Muka yanke maganar sayen taki, daga baya mai binciken lissafi ya duba takarda, ya ce shawarar ba ta zauna ba. Kafin a sake tara mutane damina ta faɗi, taki ya yi tsada, kowa ya ji a jikinsa. Don haka yau wanda zai fita, ko alwala zai yi, ya gaya wa Magatakarda tukuna.

Ga yadda al'amura za su bi juna. Da fari a karanta abin da aka rubuta a taron bara, wanda ya ga kuskure ya faɗa. Sa'an nan Ma'aji ya karanta lissafi, a kuma karanta takardar mai bincike. Zaɓen shugabanni shi ne na ƙarshe, da gangan kuwa aka sa shi can, gama ba a sake ba mutum ajiya sai an ga yadda ya yi da ta farko.

Tsakanin lissafi da zaɓe akwai maganar rarar kuɗi, inda na san murya za ta tashi. Bana daga sayar da taki da geron da muka adana an sami rarar naira 400,000. Dokar jam'iyyun gama kai ta Nijeriya, ta 1993, ta ce a ware aƙalla rubu'i a zuba cikin asusun ajiya. Watau naira 100,000 ba a taɓa su, ko da dukanmu mun ɗaga hannu. Sauran 300,000 su ne a gabanku. Kwamiti yana ganin a raba su gwargwadon cinikin da kowa ya yi da jam'iyya, wanda ya sayi buhu goma ya sami ninkin wanda ya sayi biyar. Wannan hanya tsohuwa ce, da ita jam'iyyar masaƙan Rochdale ta ƙasar Ingila, wadda aka kafa a 1844, ta yi suna. Amma shawara ce kawai, kuna iya ƙinta.

Wajen ƙuri'a kuwa, mai hannun jari ashirin da mai hannu ɗaya duk ɗaya ne, ko wane mutum ƙuri'a guda. Alhaji bai fi ɗan ƙwadagonsa ba a cikin ɗakin nan, in duk suna cikin littafi.

Mai son magana ya ɗaga hannu, in na kira shi ya miƙe, ya faɗi sunansa da garinsu, ya fuskance ni, kada ya fuskanci abokin gardamarsa. Tambayar Ma'aji inda kuɗi suka shiga ba cin mutunci ba ne, don haka aka tara ku, kada kunya ta hana kowa. Sai dai a tambaya a kan shafi kaza, ranar kaza, ban da zancen an ce. Masu bashin iri kuma ba za a kira sunansu a bainar jama'a ba, jimla kaɗai za a faɗa.

Liman, a yi mana addu'a. In an shafa, Malam Magatakarda, sai ka karanta mana na bara.