Bakin Dama Daban, Bakin Hagu Daban: Lacca Kan Jerin Pawa



Maganata ta yau a kan wuri ɗaya ce da ɗalibai suke yawan zubar da maki a kalkulas, wato bakuna biyu na tazarar jerin pawa. Idan na ce jeri ya tsaya, ina nufin jimlar gaɓoɓinsa tana dosar adadi guda tabbatacce. Idan ba ta dosar kowane adadi, to ya ƙi tsayawa.

Mu ɗauki wannan jeri, n ta fara daga 1:

Σ (x − 2)ⁿ / (n · 3ⁿ)

Gwajin rabo shi ne a raba kowace gaɓa da wadda ta gabace ta, a ga inda girman sakamakon ya dosa yayin da n ke ƙaruwa. A nan yana dosar |x − 2| / 3. Jeri yana tsayawa in wannan bai kai 1 ba, yana ƙin tsayawa in ya haura 1. Ke nan cibiya 2 ce, radiyos 3, tazara kuma daga −1 zuwa 5.

To, ina labarin −1 da 5 su kansu? A wurarensu rabon yana dosar 1 cif, kuma a kan 1 gwajin rabo ba ya yanke hukunci. Ko sau nawa ka maimaita shi, 1 zai ba ka. Dole a sa kowane baki a madadin x, jerin ya koma na lambobi zalla, sannan a nemo gwajin da ya dace da shi.

Mu fara da dama. Idan x = 5, sai x − 2 ya zama 3, 3ⁿ na sama ya cinye na ƙasa, a bar mu da 1 + 1/2 + 1/3 + 1/4 + …, wato jerin hamonik. Nan tarkon yake. Ɗalibi zai ga gaɓoɓi suna ƙanƙancewa zuwa sifili, ya ce jeri ya tsaya. Ƙanƙancewar sharaɗi ce, amma ita kaɗai ba ta isa ba. Tun ƙarni na 14 Nicole Oresme ya nuna dalili. Haɗa 1/3 da 1/4, sun fi rabi. Haɗa 1/5 zuwa 1/8: gaɓa huɗu ne, ba wadda ta kasa 1/8, don haka su ma sun fi rabi. Takwas na gaba haka. Rabi kan rabi ba ƙarewa, jimla za ta wuce duk adadin da ka ambata. Kalkuleta kan yaudari mutum a nan, domin gaɓa 100 na farko jimlarsu kusan 5.19 ce kawai. Duk da haka 5 ba ta cikin tazara.

Yanzu hagu, kuma kada mu ɗauko hukuncin dama mu ɗora masa. Idan x = −1, sai x − 2 ya zama −3, jerin ya koma −1 + 1/2 − 1/3 + 1/4 − …. Girman gaɓoɓin bai canja ba, amma alamarsu tana karɓa-karɓa. Gwajin Leibniz ya ce irin wannan jeri zai tsaya in girman gaɓoɓin yana raguwa bi da bi, kuma yana dosar sifili. 1/n ya cika sharuɗɗan biyu. Ku duba jimlolin: −1, −0.5, −0.833, −0.583, −0.783. Kamar ciniki ne a kasuwa, mai saye yana ƙarawa, mai sayarwa yana ragewa, ratar da ke tsakani tana tsukewa har a daidaita. A nan an daidaita a kan −ln 2, kusan −0.693. Hakan ya dace da ka'idar Abel ta 1826, domin a cikin tazara jerin daidai yake da −ln(1 − (x − 2)/3), kuma in jeri ya tsaya a baki, jimlarsa ita ce adadin da wannan ke dosa a wurin.

Amsa ita ce [−1, 5): hagu a rufe, dama a buɗe. Amma tsayuwar hagu mai sharaɗi ce, tunda in aka cire alamun ragi, hamonik ne zai dawo.

Don ku ga cewa radiyos ba ya faɗin makomar baki, ku canja n na ƙasa ya zama n². Radiyos yana nan 3, amma dama ta zama Σ 1/n², wanda Euler ya nuna jimlarsa π²/6 ce. Hagu ma ya tsaya, tunda girman gaɓoɓinsa 1/n² ne. Tazara ta zama [−1, 5]. Ku cire n ɗin gaba ɗaya kuma, dama ta zama 1 + 1 + 1 + …, hagu −1 + 1 − 1 + …. Gaɓoɓin ba sa dosar sifili, bakuna biyu duk sun faɗi, saura (−1, 5).

Saboda haka in kun zauna jarrabawa, ku rubuta jerin kowane baki a layinsa, ku fara tambaya ko gaɓoɓinsa suna dosar sifili, sannan ku ambaci gwajin da kuka yi amfani da shi tare da sharuɗɗansa, kafin ku rufe baka ko ku buɗe ta.