Taken Gangamin Tallafin Karatun 'Ya'ya Mata: Jawabin Sakataren Gidauniya ga Masu Ba da Gudummawa da Kwamitocin Masallatai

 

An umurce ni da in bayyana muku taken da kwamiti ya zaɓa domin gangamin tallafin karatun 'ya'ya mata, da dalilin zaɓarsa, tunda ku ne za ku faɗe shi a bakin masallaci, kuma ku za a tare da tambaya. Ga shi: "Wa za ta duba iyalinmu? Ɗiyar da muka bari ta kammala."

Kafin a tsaya a kansa an ajiye waɗansu guda biyu. Na farko shi ne wanda kowa ya saba ji a rediyo, cewa ilimantar da mace ilimantar da al'umma ne. Magana ce ta gaskiya, sai dai ba ta da ƙaya. Dattijo zai ji ta ya gyaɗa kai, ya koma gida ya cire ɗiyarsa daga makaranta, ba tare da ya ji ya saɓa wa abin da ya yarda da shi ba, domin al'umma ba ta zaune a zaurensa. Na biyu ya ginu ne a kan kalmar 'yanci, yana kuma nuni da batun aure da wuri. Wannan ya zo da zargi a bakinsa, kuma wanda aka soma da zarginsa ba ya sauraren sauran magana. Da shi ake nema a yi aikin, ga shi an sa shi kare kansa.

Taken da aka zaɓa ya tsaya ne a kan wani abu da magidancin wannan yanki ya riga ya yi imani da shi. Ba ya son namiji ya duba matarsa a ɗakin awo ko ɗakin haihuwa, kuma ba a raina masa wannan kishi ba. Da yawa daga cikinmu mun san gidan da aka jinkirta kai mai naƙuda asibiti saboda wannan dalili, har lamari ya ɓaci. To ungozomar da yake so ya tarar, daga ina za ta fito? Ba za a ci gaba da jiran 'yar wata jiha ta zo ta zauna a ƙauyukan Zurmi ba, a halin da hanya take ciki. Makarantar ungozoma kuwa ba ta karɓar yarinya sai ta gama babbar sakandare da kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, lissafi, da darussan kimiyya uku, wato fiziks da kemistiri da bayoloji. Wanda ya cire ɗiyarsa a aji uku na ƙaramar sakandare ya rufe wannan ƙofa saura shekara uku a kai gare ta.

Ina roƙon kada a sauya ko kalma ɗaya, domin kowace an auna ta. An ce "za ta", ba a ce "zai" ba. Hausa takan tambayi wanda ba a sani ba da lamirin namiji, saboda haka kunne yana jin "wa za ta duba" zai ɗan tsaya, kuma a wannan tsayawar ya riga ya fahimci mace ake nufi. An ce "iyali" domin ba ladabi ba ne a ambata wa dattijo matarsa a bainar jama'a; da an rubuta "matarka" a allo, da an yaga shi kafin la'asar, kuma da wanda ya yaga bai yi laifi ba. An ce "ɗiya" domin haka bakin Zamfara yake faɗa. An ce "muka bari" maimakon "kuka bari", domin liman da sakatare da attajiri duk suna cikin tambayar. Sai kalmar ƙarshe, wadda ita ce nauyin maganar. Shigar da yarinya firamare ba shi ne wurin gardama ba a yau. Inda ake rasa su shi ne tsakanin ƙaramar sakandare da babba, lokacin da kuɗin littattafai da na jarrabawa suke hauhawa, masu neman aure kuma suke fara sallama a ƙofar gida.

Za a ce muku wannan baƙon abu ne. Ku tunatar da mai faɗa cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki malaman da suke karantar da almajirai suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, a littafinsa Nurul Albab, kuma 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta naɗa jajoji suna jagorantar matan ƙauyuka zuwa ɗaukar karatu a tsarin 'Yan Taru. Mace ta karantar da mace tsohuwar hanyarmu ce. Mace ta duba mace reshenta ne.

Akwai tambayar da taken bai amsa ba, kuma kada kowa ya yi kamar ya amsa ta. Ranar 26 ga Fabrairu, 2021, an sace ɗalibai mata 279 daga makarantar kwana ta Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara. An sako su bayan 'yan kwanaki, amma tsoron bai bar zukatan iyaye ba. Uban da ya ce yana tsoron hanya ko makarantar kwana ba maƙiyin ilimi ba ne, kuma kada a amsa masa da wa'azi. A zauna da shi a duba makarantar jeka-ka-dawo mafi kusa, da gidan dangi a cikin gari inda yarinyar za ta iya zama, da wanda zai riƙa raka ta. Idan babu ko ɗaya, a rubuta sunanta a jira. Ba a matsa wa mutum ya sa ɗiyarsa a haɗari domin lissafinmu ya cika. Haka kuma ba kowace yarinya ce za ta zama ungozoma ba, wata malamar makaranta za ta zama, kuma Gidauniya ba ta yi wa kowa alkawarin aikin gwamnati ba.

Kalmar "kammala" ta ɗaure mu fiye da yadda ta ɗaure iyaye. Wanda ya ce wa uba ya bar ɗiyarsa ta gama, ba shi da damar ya biya shekara ɗaya ya ɓace. A nan ne bambancin zakka da wakafi yake da amfani. Zakka tana da masu cin ta guda takwas da aka ambata a aya ta 60 ta Suratut Tauba, ana fitar da ita idan ta wajaba, kuma yawanta yana bin damina da kasuwa. Za ta isa ga marainiya da 'yar matalauci saboda talaucinsu, amma ba ta halatta ga 'yar mai hali don kawai tana karatu, kuma uba ba zai ba ɗiyar da ciyar da ita ke wuyansa zakkarsa ba. Abin da zai ɗauki alkawarin shekara uku shi ne wakafi: shago a kasuwar Shinkafi, ko gona, ko gidan haya a Ƙaura, wanda asalinsa yana nan, amfaninsa yana zuwa kowace shekara. Don haka shawarar kwamiti ita ce kada a ɗauki yarinya sai an ga mafitar kuɗinta har ranar jarrabawar ƙarshe, ko da adadin zai zama kaɗan.

Game da awo, ba yawan allunan da aka kafa za mu kawo muku baɗi ba. Muna roƙon kowane kwamitin masallaci ya rubuta 'yan matan unguwarsa da ke aji uku na ƙaramar sakandare a bana, sannan idan sabon zango ya kama a duba nawa ne suka koma aji. A karanta taken bayan sallar Juma'a da wuraren ɗaurin aure da suna, a kuma kai shi islamiyyun matan aure, domin sau da yawa uwa ko kaka ce take yanke maganar kafin ta iso zaure. Takardun rubuta sunayen suna hannun shugabannin kwamitoci, a dawo da su ofishin Gidauniya kafin a rufe makarantu.