In Kuɗi Ya Faɗa Lambar da Ba Ita Ba: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Zagayowar Shekara

Mu 'yan kwamitin zubi aka ce mu yi magana a kan abin da ya fi kawo mana kuka a bana, wato kuɗin da aka tura ta waya ya faɗa hannun wanda ba shi aka nufa ba.

Mu fara da yadda abin yake faruwa. Lambar waya alƙaluma 11 ce. A su OPay da PalmPay, lambar asusu ita ce lambar wayar nan, an cire sifirin farko, saura 10. To alƙalami ɗaya in ya kauce, sau da yawa ba za a ce miki babu wannan lambar ba, domin wani bawan Allah yana da ita. Abin da zai cece ki shi ne sunan da yake fitowa kafin ki sa PIN. In kin danna ba ki karanta ba, kuɗi ya tafi nan take. Kamfanin kuma ba zai iya zura hannu cikin asusun mutum ya ɗebo miki haka kawai ba, sai da yardar mai asusun ko umarnin kotu. Duk matakan da za mu faɗa, neman ɗayan biyun nan ne.

Mu ɗauki misali. 'Yar'uwa za ta biya dillalin manja naira 45,000 ranar Litinin da hantsi. Lambarsa ta ƙare da 68, ta rubuta 86. Da azahar ya kira ya ce bai ga komai ba. Me za ta yi?

Na farko, ta buɗe rasit ɗin ta duba. In an rubuta kuɗin bai wuce ba ko yana kan hanya, wannan matsalar sadarwa ce, ba ɓatan lamba ba, kada ta yi gaggawar sake turawa. In kuwa ya wuce kuma sunan baƙo ne a jiki, to ta ɗauki hotonsa. Abu biyar ake nema a ciki: sunan wanda ya karɓa, lambarsa, adadin kuɗin, rana da lokaci, sai doguwar lambar shaida. In daga wani kamfani ne zuwa wani, za ku ga an rubuta Session ID, alƙaluma 30 ce. Da ita ake bin sawun kuɗin. In wajen mai POS aka tura, a ɗauki hoton 'yar takardar nan tun ba ta koɗe ba, kuma a koma wajensa, don daga asusunsa kuɗin ya fita, shi kamfanin ya sani.

Na biyu, ta kai ƙorafi ga kamfanin da ta tura daga cikinsa, a ranar, ba sai an tashi kasuwa ba. Ta cikin manhajar, ko ofishinsu, ko lambar da ke cikin manhajar. Ta ce: ga kuɗi na tura bisa kuskure, ina roƙo a sanar da kamfanin da ya karɓa a riƙe shi. Kada ta rabu da su sai sun ba ta lambar ƙorafi, ta rubuta a littafin zubi. Ƙorafin baka da ba shi da lamba, gobe sai a ce ba a san da shi ba.

Me ya sa muke cewa kamfani tukuna kafin kiran mutumin? Saboda wani in ya ji, sai ya ruga ya kwashe. Ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ta 2018 a kan tura kuɗi nan take ta ce in mai turawa bai san mai karɓa ba, ko ya san shi amma ya ƙi mayarwa, bankin da ya tura zai sanar da wanda ya karɓa, shi kuma ya riƙe daidai wannan adadi a asusun, sannan ya nemi yardar mai shi. Riƙewar ba ta wuce sati biyu. Amma abin da ke ciki ake riƙewa. In an cire 45,000 ɗin nan da la'asar, ita kuma ta je ranar Alhamis, babu abin riƙewa.

Na uku, sai ta kira shi, tunda lambar asusun ita ce ta wayarsa, a mayar da sifiri a gaba kawai. A yi sallama, a faɗi suna, a faɗi adadi da lokaci, a tura masa hoton rasit. Ban da zagi, ban da barazana. Shi ma tsoro yake ji, don ya san 'yan damfara da wannan maganar suke zuwa. In ya yi shakka, a ce masa ya bari kamfaninsa ya tuntuɓe shi ya ba da yarda ta can. In ya ce ya riga ya taɓa 5,000, a karɓi 40,000, a sa ya rubuto ranar cikon a saƙo, kuma a ajiye saƙon.

Na huɗu, in ya ƙi ko ya kashe waya. A nan ne yawanci za a ce mata ta kawo umarnin kotu. Za ta yi takardar rantsuwa da ke bayanin yadda kuskuren ya faru, ta haɗa da rasit, da takardar shige da ficen asusunta, da katin shaida. Galibi sai da lauya. A tambayi kuɗin aikin tun farko, a auna da abin da ake bi. A kan 45,000 ko fiye ana iya dagewa. A kan 3,000, kuɗin mota kaɗai zai cinye shi.

Na biyar, in kamfanin ne ya yi shiru. Bayan sati biyu da kai ƙorafi ba a warware ba, ana rubuta wa sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki a cpd@cbn.gov.ng, a sa lambar ƙorafin nan da hoton rasit. Kun ga amfanin littafin zubi ke nan.

Gargaɗi guda, 'yan'uwa. Mai neman kuɗinta ido rufe ita ce abincin macuta. Kada a nemi lambar kamfani a dandalin sada zumunta. Duk wanda ya ce ki faɗi PIN ko OTP don a dawo miki da kuɗi, ɓarawo ne, ma'aikacin gaskiya ba ya tambayar su.

Sai ɗaya gefen, ranar da mu ne kuɗin wani ya faɗo mana. Kada a yarda da saƙon da ya shigo, a buɗe asusu a ga ko da gaske ya ƙaru. In ya ƙaru, amana ce, ba rabo ba. Kada a taɓa, kuma kada a tura wa wata sabuwar lamba da aka karanto a waya, a sanar da kamfani a mayar ta hanyarsu. Wadda ta ci ta ƙi biya, ana iya sa BVN ɗinta cikin jerin waɗanda ake sa wa ido, ga kuma hakkin mutane a wuya.

Shawarar kwamiti ita ce, daga wannan wata duk mai turo zubi ta karanta sunan da ya fito da ƙarfi kafin ta sa PIN. Wadda karatunta bai yi ƙwari ba ta nuna wa ta kusa da ita, ba abin kunya ba ne. Sabuwar lamba kuma a fara gwada ta da naira 100, sai an ce an gani a tura sauran.

Allah ya tsare mana guminmu, ya maimaita mana baɗi.