Sabunta Direban Katin Hoto ko Share Shi Kwata-kwata: Lacca ga Masu Gyaran Kwamfuta na Damargu

Malamai, ɗalibai, da ƴan'uwana masu gyara da kuka taso daga cikin garin Tanut da Balbeji, sannunku da zuwa.

Akwai ƙorafin da kowane mai shago a cikinku ya saba ji. Mai haɗa bidiyon biki ya ce hoto yana tsattsayawa, ko yaro ya ce eFootball tana fita da kanta ana tsakiyar wasa, ko allo ya yi baƙi na ɗan lokaci ya dawo. Amsar da ta zama ruwan dare ita ce a share direban katin hoto gaba ɗaya a sa sabo. Ni kuwa ina ganin wannan magani ne na cuta takamaimai, kuma yawancin injinan da ake kawo mana ba ita ke damunsu ba.

Direba shi ne manhajar da ke shiga tsakanin Windows da katin hoto, na NVIDIA ne ko AMD ko Intel. Idan ka sabunta shi a sauƙaƙe, sabon yana hawa ya karɓi aiki, saitin da mai inji ya yi yana nan, tsohon kunshin kuma sau da yawa Windows tana ajiye shi a `C:\Windows\System32\DriverStore\FileRepository`. Mutane kan ga wannan tarin su tsorata. Ku kwantar da hankalinku: kunshin da ke kwance a can ba ya aiki, wuri kawai yake ci a faifai. Ragowar da ke cutarwa ita ce wadda ke tashi tare da inji, wato saitin da ya saura a rajistar Windows, da ƙananan manhajojin tsohon kati masu neman katin da babu shi, da direban da aka fara sawa bai ƙarasa ba.

Wannan na ƙarshe ya shafe mu sosai a nan. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar sa direba a babbar kwamfutar da ba ta da batirin ajiya, sai a tashi da rabin fayiloli sababbi, rabi tsofaffi. Haka nan ɗabi'armu ta kwafe faifai sukutum daga wani inji zuwa wani don gudun sa Windows daga farko: faifan yana zuwa da kayan katin da ya baro.

To ta yaya za ka gane ko direba ne matsalar? Kafin ka taɓa komai, tambayi mai inji lokacin da matsalar take farawa. Idan inji yana aiki lafiya da farko, sai bayan kwata ko rabin awa hoto ya fara ja da ƙyar, musamman da rana a watan Afrilu ko Mayu, to ka zargi zafi. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, man da ke tsakanin kati da ƙarfen sanyaya ya bushe, kati kuma idan ya yi zafi yana rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. Buɗe GPU-Z ka dubi zafin da gudun tare. Idan zafi na hawa gudu na sauka, share direba sau goma ba zai canza komai ba; burushi da sabon mai ake bukata. Kamar mai zazzaɓin cizon sauro ne a yi ta ba shi maganin tsutsar ciki.

Idan kuwa tsattsayawar ta fara ne daidai bayan an sabunta direba, kuma tana raguwa yayin da ake ci gaba da wasa, wannan ma ba cuta ba ce. Kati yana da rumbun ƙananan lissafe-lissafen zane da ya riga ya shirya, na NVIDIA sunansa `DXCache`. Sabon direba ba ya amfani da na tsoho, dole ya sake shirya su, kuma kafin ya gama hoto zai riƙa tuntuɓe. Wanda ya yi gaggawar sharewa a nan ya maida aikin farko ne.

Alamar da ke nuni ga direba tana rubuce. Idan kati ya yi daƙiƙa 2 bai amsa ba, Windows tana sake tayar da direban, shi ne baƙin allon nan. Buga `eventvwr.msc`, ka nemi lamba 4101 daga `Display`; za ka ga sunan direban, `nvlddmkm` idan na NVIDIA ne. Idan tayarwar ta gaza, sai shuɗin allo mai `VIDEO_TDR_FAILURE`. Amma a kula, zafi da raunin akwatin wuta su ma suna haifar da wannan saƙo. Shi ya sa nake haɗa shi da tarihin inji: me aka canza kafin abin ya fara? Idan sabuntawa ce kawai, shiga `devmgmt.msc` ka maida tsohon direba da `Roll Back Driver`. A nan ne ma kunshin da Windows ta ajiye yake ceton ka, ba tare da ka ƙona ko mega ɗaya ba.

Bari mu ɗauki misali. An kawo babbar kwamfuta ta haɗa bidiyo, an cire mata katin Radeon an sa GTX 1050 Ti, aka ɗora direban NVIDIA a kai. Tun ranar, daga kunnawa take faɗuwa, da sanyin asuba ma, kuma manhajar AMD tana fitowa da kuskure. Wannan ita ce cutar da sharewa take warkarwa.

Matakin farko shi ne sauke sabon direba da manhajar share direba ta DDU kafin ka share komai. Direban NVIDIA ya haura mega 500, kuma kun san yadda layi yake idan an bar tsakiyar gari. Na fi son kowane shago ya ajiye direbobin katunan da ya saba gani a kan filashi, ya cika shi duk lokacin da wani ya je Damagaram. Ka kuma tabbata direban ya dace da katin: tsofaffi irin su GTX 760 sun tsaya ne a jerin 470 tun 2021, sabon direba ba zai karɓe su ba.

Sai ka yi wurin komawa na Windows, ka cire intanet. Kada ka raina wannan, domin idan layi na haɗe, Windows Update za ta riga ka ta sa nata direban. Danne Shift ka sake kunna inji, ka shiga `Safe Mode`, wanda masu allon Faransanci ke gani da `Mode sans échec`. A cikin DDU zaɓi AMD ka share, sannan ka zaɓi NVIDIA ka danna `Clean and restart`. Inji zai tashi da manyan haruffa da hoto mara kyau, `Microsoft Basic Display Adapter` ke riƙe da shi, haka ya kamata. Sa direbanka a lokacin da wuta ta zauna, ka sake kunnawa, sannan ka maida intanet.

Wasu za su ce ai NVIDIA tana da `Perform a clean installation` a cikin nata. Gaskiya ne, yana maida saitin NVIDIA na asali, kuma ya isa idan wani ne ya dagula saiti. Amma ba ya taɓa kayan AMD.

Ga masu laftof na hannu, irin su HP da Dell da Lenovo da suka cika shagunanmu, a ƙara hattara. Da yawa suna da kati biyu, Intel da NVIDIA, kuma kamfanin da ya ƙera su kan gyara direban don nasa injin. Ka share shi ka sa na gama-gari, sai ka tarar maɓallin haske ya daina aiki, ko inji ya ƙi farkawa daga barci. Sauke na shafin kamfanin bisa lambar samfurin, ka sa na Intel tukuna, sannan na NVIDIA.

Idan ka yi duk wannan daidai sau ɗaya, lamba 4101 ta dawo, kada ka maimaita. Gwada katin a wani inji, ka gwada wani akwatin wuta, ka cire RAM ka goge ƙurar ka mayar ɗaya bayan ɗaya.

Mai tambaya ya ɗaga hannu.